Agogon GMT da na UTC: lokaci ɗaya suke nunawa, amma ɗaya kawai zan amince wa da bayanaina

Malam, wayata tana rubuta GMT+1, kwamfutata kuma tana rubuta UTC+01:00, alhali lokacinsu iri ɗaya ne. Wanne ne daidai? Ko akwai wadda ya kamata in gyara?

Kada ka taɓa komai, duk su biyun daidai suke. Idan don tashi daga barci ne ko kama jirgi, babu bambancin da idonka zai iya gani, domin tazarar da ke tsakaninsu ba ta taɓa kai daƙiƙa ɗaya. Bambancin yana can inda kowannensu yake samo lokacinsa.

GMT lokacin rana ne. A Greenwich, gefen birnin Landan, akwai cibiyar nazarin taurari da aka kafa a 1675, kuma a wurinta aka riƙa auna sanda rana ta tsaya daidai tsaka. Sai dai rana ba ta da alƙawari: a wani lokacin shekara tana riga agogo isa tsaka da kusan minti 16, a wani lokacin kuma tana makara da kusan minti 14. Don haka aka ɗauki matsakaicin shekara aka ce shi ne lokacin. Kamfanonin jiragen ƙasa na Birtaniya suka fara aiki da shi tun 1847, saboda ba a iya tsara tafiyar jirgi idan kowane gari yana da nasa tsakar rana. A 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a Washington, aka zaɓi layin Greenwich ya zama sifirin da ake auna gabas da yamma daga gare shi. Daga nan ne muka gaji "ƙarfe shida agogon GMT" ɗin nan da masu labaran rediyo suke faɗa.

Matsalar ita ce juyawar duniya ma ba daidai take ba. Wani lokaci tana ɗan sauri, wani lokaci tana ɗan nawa, kuma in aka duba dogon zamani tana ƙara jinkiri ne. Ba a lura da wannan sosai ba sai da aka sami agogon da ya fi duniyar kanta tsayuwa a kan magana ɗaya, wato agogon atom. A 1967 aka daina auna daƙiƙa da juyawar duniya ko kewayenta, aka ce daƙiƙa ɗaya ita ce tsawon lokacin da wani haske na atom ɗin siziyom yake kaɗawa sau 9,192,631,770. UTC a kan wannan daƙiƙar aka gina shi. Hukumar awo ta duniya da ke kusa da Paris tana tattara rahoton ɗaruruwan agogunan atom daga ƙasashe daban-daban, ta fitar da lokaci guda.

To amma idan aka bar agogon atom yana tafiya abinsa, a hankali zai rabu da rana. Shi ya sa tun 1972 aka yi doka cewa ba za a bari UTC ya yi nisa da lokacin juyawar duniya ba, kuma iyakar a yau ita ce 0.9 na daƙiƙa. Idan ya kusa kaiwa, sai a cusa daƙiƙa guda ta ƙari, agogo ya nuna `23:59:60` kafin ya koma `00:00:00`. An yi haka sau 27, na baya-bayan nan a daren 31 ga Disamba 2016. Masu kwamfuta ba su taɓa son wannan daƙiƙar ba. Wadda aka saka a ƙarshen Yuni 2012 ta rikita na'urorin Linux da yawa har wasu manyan shafuka suka tsaya, kuma a 2022 babban taron awo na duniya ya yanke cewa za a sauya tsarin nan da 2035.

A yau dai GMT ya zama sunan shiyyar lokaci kawai, wadda Ghana da Senegal da Iceland suke kai duk shekara, Birtaniya kuma a lokacin sanyi kaɗai. Shi UTC ma'auni ne, ba na kowace ƙasa ba, kuma sauran shiyyoyi daga gare shi ake lissafa su. Wayarka tana amfani da tsohon suna, kwamfutarka da sabo. Ka bar su su zauna lafiya.

Na ga `2025-06-14T09:30:00Z` a wani fayil. Me Z ɗin nan take nufi?

UTC take nufi, tamkar an rubuta `+00:00`. Tsarin rubutun sunansa ISO 8601: shekara, wata, rana, sai T ta raba kwanan wata da sa'a. Idan kana UTC+1, ƙarfe goma da rabi na safe ke nan a wurinka. Ka so wannan tsarin, don ko da jerin haruffa aka jera shi, a jerin lokaci yake fitowa.

Ranka ya daɗe, ni sabuwa ce a rubuta manhaja. Na sa sabar tawa, kwamfutar da manhajata take gudana a kai, a kan GMT, wato London, kamar yadda aka ce a yi. Komai lafiya har wani dare a ƙarshen Oktoba, sai jerin saƙonni ya birkice, amsa tana fitowa kafin tambaya, har wani lissafi ya ba ni minti -40. Ai GMT da UTC duk ɗaya ne, ko ba haka ba?

"GMT, wato London." Malama, kalmomi ukun nan su ne ciwon gaba ɗaya, kuma ba ke kaɗai ba ce. Babu kuskuren da ya fi wannan gajiyar da ni, don haka ki gyara zama.

Landan ba ta kan GMT duk shekara. Daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, wato kusan wata bakwai cikin sha biyu, Birtaniya tana kan lokacin bazara da ake kira BST, wanda yake gaban UTC da awa ɗaya. Ke nan fiye da rabin shekara agogon mutanen Greenwich ɗin da kansu ba ya nuna GMT. Abin da kika zaɓa wa sabarki shi ne `Europe/London`, kuma wannan ba ma'auni ba ne, dokar wata ƙasa ce game da agogon bangonta. Kin nemi abin da ba ya motsi, kin ɗauko wanda yake tsalle sau biyu a shekara.

Bari mu bi daren da abin ya faru, mu ɗauki na 2025 a matsayin misali. Ranar Lahadi 26 ga Oktoba, da ƙarfe ɗaya na dare a UTC, agogon Landan yana gab da cika ƙarfe biyu sai aka mayar da shi ƙarfe ɗaya. Ma'ana, duk mintunan da ke tsakanin 01:00 da 01:59 sun zo sau biyu a daren nan, na farko da sunan BST, na biyu da sunan GMT.

Yanzu wani ya aiko tambaya da 00:50 a UTC. Sabarki ta duba agogonta na Landan, ta ga 01:50, ta rubuta. Bayan minti ashirin aka ba shi amsa, wato 01:10 a UTC. A tsakanin nan an riga an mayar da agogo baya, don haka sabar ta ga 01:10, ta rubuta. A rumbun bayananki tambaya tana da 01:50, amsa tana da 01:10. Da kika ce a jera su bisa lokaci, amsa ta hau sama. Da kika ce a cire lokacin tambaya daga na amsa, aka sami minti 40 ƙasa da sifiri maimakon minti 20. Kwamfutar ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya, abin da kika ba ta shi ta lissafa.

Ki gwada da hannunki a kan Linux. Lambobin nan biyu su ne lokutan biyu a ƙidayar Unix, wato yawan daƙiƙoƙi tun daga tsakar daren 1 ga Janairu 1970 a UTC:

```
TZ=Europe/London date -d @1761439800
TZ=Europe/London date -d @1761441000
```

Na farko zai ba ki `01:50:00 BST`, na biyu `01:10:00 GMT`. Amma ki dubi lambobin kansu: ta biyu ta fi ta farko da 1200, wato minti 20 cif. Wannan shi ne dalilin da masu manhaja suke maƙale wa UTC, ba wai burga ba ce. A UTC babu awar da take zuwa sau biyu, babu wadda take ɓacewa, kuma babu majalisar da za ta zauna gobe ta matsar da shi. Ki cire wannan daga wancan, ki sami tazara ta gaskiya. Ki jera, ki sami jeri na gaskiya. Idan kina da saba ɗaya a Turai, ɗaya a Amurka, ɗaya a Indiya inda suke UTC+5:30, kuma kina neman wace ce ta fara faɗuwa, rahotanninsu uku za su hau layi guda ba sai kin ɗauko takarda kina ƙari da ragi ba.

Kuma kin ci sa'a da Oktoba ce ta kama ki. A Maris abin juyewa yake. Ranar 30 ga Maris 2025, agogon Landan ya tashi daga 00:59 kai tsaye zuwa 02:00. Ƙarfe ɗaya da rabi na wannan dare babu shi sam. Wanda ya tsara wa sabarsa ta riƙa kwafe bayanai kullum da 01:30, to ya danganta da manhajar da ke tsara masa aikin: wata za ta yi shi bayan tsallen, wata ta tsallake shi shiru. A Oktoba kuma wata ta yi shi sau biyu. Idan aikin aika sanarwa ne, mutane su yi tsaki su wuce. Idan cirar kuɗi ne, wayarki ba za ta huta ba.

Ga yadda ake gane cutar tun kafin ta kwantar da mutum. Idan kuskuren lokaci awa ɗaya ne daidai, ba minti 53 ba, ba awa ɗaya da kwata ba, ki zargi shiyyar lokaci kafin komai. Idan kuma yana bayyana a ƙarshen Maris ya ɓace a ƙarshen Oktoba, to shari'a ta ƙare. Abin da ya sa yake yaudarar mutane shi ne mai rubuta manhaja ya yi gwajinsa a Disamba ko Janairu, lokacin da Landan da UTC suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ya ga komai daidai, ya fitar da ita. Tarkon na nan kwance yana jiran bazara.

Ba na ɗora miki laifin duka, domin sunayen da ke cikin na'urorin ma suna taimaka wa ruɗanin. A Windows, shiyyar da ake nunawa da `(UTC+00:00) Dublin, Edinburgh, Lisbon, London` sunanta na ciki `GMT Standard Time`, kuma tana canzawa da bazara. Wadda ba ta canzawa, ta Monrovia da Reykjavik, sunanta `Greenwich Standard Time`. Ki faɗa mini wa zai bambance waɗannan biyun da tsakar dare yana gyaran matsala. A ɓangaren Linux kuma akwai `Etc/GMT+1`, wanda kowa zai rantse UTC+1 ne, alhali UTC-1 ne, domin a wannan rukunin alamar a juye take bisa tsohuwar ƙa'idar POSIX. Wanda ya zaɓe shi yana nufin Afirka ta Yamma, zai tsinci kansa da kuskuren awa biyu. Haruffa ukun nan na GMT suna iya nufin ma'auni, suna iya nufin shiyya, suna iya nufin "lokacin Landan" a bakin wanda bai kula ba. UTC abu ɗaya yake nufi a bakin kowa. Ni ko a saƙon kiran taro ba na rubuta GMT, saboda Baturen Ingila zai rubuto miki "ƙarfe uku GMT" a watan Yuli yana nufin ukun da ke agogon hannunsa, ke kuma ki shigo da ukun GMT ta gaskiya, ki tarar an yi awa ɗaya da farawa.

Za ki ci karo da GMT a wurin da ba laifi ba ne. Kanun `Date` na HTTP yana ƙarewa da `GMT` kullum, haka ma abin da `toUTCString()` take fitarwa a JavaScript. Wannan tsohon rubutu ne da ƙa'ida ta riƙe, kuma lokacin da ke ciki UTC ne, ba ruwansa da bazarar Landan.

Gyara kuwa, da farko ki mayar da sabar:

```
sudo timedatectl set-timezone UTC
```

Sannan ki sake tayar da manhajarki da rumbun bayanan, don wasu suna karanta shiyya ne sau ɗaya a lokacin tashi. Daga nan ki riƙe al'ada ɗaya da ba na gajiya da nanatawa: a ajiye da UTC, a lissafa da UTC, a juya zuwa lokacin mai amfani a mataki na ƙarshe kawai, wato sanda za a nuna masa a fuskar waya. Idan PostgreSQL kike amfani da shi, ki zaɓi `timestamptz`, ba `timestamp` tsirara ba. Idan Python ce, ki rabu da `datetime.utcnow()`, wadda take ba da sa'ar UTC ba tare da alamar cewa UTC ba ce, har wani sashen manhajar ya ɗauka lokacin gida ne. Tun Python 3.12 aka ce a daina amfani da ita. Abin da ake rubutawa shi ne:

```
from datetime import datetime, timezone
datetime.now(timezone.utc)
```

Saura tsofaffin bayanan, kuma nan ne zan ɓata miki rai. Kada ki cire awa ɗaya daga komai, domin waɗanda aka rubuta a lokacin sanyi daidai suke, za ki lalata su. Ki juya kowane ɗaya ta hanyar sunan shiyya, `Europe/London` zuwa UTC, ki bar kundin shiyyoyi ya yanke wanne ne na bazara. Wannan zai gyara komai in ban da awar nan guda da ta zo sau biyu. Layin da aka rubuta masa 01:30 na daren 26 ga Oktoba ba tare da `+01:00` ko `+00:00` ba, babu lissafin da zai gaya miki na farko ne ko na biyu. Bayanin ya tafi tun lokacin rubutawa. Sai dai ki nemi wata shaida: idan layukan suna da lamba mai hawa ɗaya bayan ɗaya, ki bi lambar ki nemo inda lokaci ya faɗo daga wajen 01:5x zuwa 01:0x. Duk abin da ke sama da wannan gaɓar BST ne, na ƙasa GMT. In babu irin wannan lambar, sai haƙuri.

Wanda ya ce miki ki sa GMT kuma, ki tura masa wannan amsar.

Na sa Windows da Ubuntu a kwamfuta ɗaya. Duk sanda na dawo Windows sai in ga agogo ya koma baya da awa ɗaya.

Su biyun suna rabon agogo ɗaya ne, wanda ke jikin allon kwamfutar mai ɗan batirin nan. Linux yana rubuta UTC a ciki, Windows kuma yana karanta shi a matsayin lokacin gida. Daga awa ɗayan nan na gane kana UTC+1. Intanet za ta ce maka ka rubuta `timedatectl set-local-rtc 1` don Linux ya bi Windows. Yana aiki, amma ni ban yarda a lanƙwasa mai gaskiya ba. Ka buɗe `cmd` da ikon mai gudanarwa a Windows:

```
reg add "HKLM\System\CurrentControlSet\Control\TimeZoneInformation" /v RealTimeIsUniversal /t REG_DWORD /d 1 /f
```

Ka kashe ka kunna, ka daidaita agogon sau ɗaya, shi ke nan.

Kullum kuna cewa a ajiye komai da UTC. Na bi shawarar, na ajiye taron mako-mako na ƙarfe tara na safe da abokan aikinmu na Landan, ga shi tun Afrilu yana nuna musu ƙarfe goma. To ina amfanin?

Ka kama mu, ɗan'uwa, amma rabin kamu. Dokar UTC ta abin da ya riga ya faru ce: an aika saƙo, an biya kuɗi, an shiga asusu. Irin wannan yana da gurbi guda a tarihi, kuma ba abin da zai sake matsar da shi. Haka ma abin da za a yi a lokaci guda a duk duniya, kamar rufe rajista.

Taronka ba irin wannan ba ne. Abin da mutanen suka amince a kai shi ne "ƙarfe tara a agogon Landan", ba "09:00 a UTC" ba. A Janairu su biyun abu ɗaya ne, shi ya sa ba ka ga komai ba. Da bazara ta shigo, taran Landan ta koma 08:00 a UTC, kai kuma kana nan riƙe da 09:00. Ga abin da ake yi a nan: ka ajiye sa'ar yadda aka faɗe ta, `09:00`, tare da sunan shiyyar, `Europe/London`, sai manhaja ta lissafa UTC na kowane mako idan ya matso. Ka lura sunan shiyya na ce, ba `+00:00` ko `+01:00` ba. Lambar tana gaya maka tazarar rana ɗaya ce kawai, sunan kuma yana ɗauke da dokar gaba ɗaya.

Ko taron sau ɗaya ne, in dai yana nesa a gaba, haka nake so a yi, domin gwamnatoci suna canza ra'ayi. Masar ta dawo da lokacin bazara a 2023 bayan ta yi shekaru da barinsa. Wanda ya riga ya juya alƙawarin watan Yuni na Alƙahira zuwa UTC tun kafin a yi dokar, ya makara da awa ɗaya ba tare da ya taɓa komai ba. Samoa ma ta tsallake 30 ga Disamba 2011 ɗungurungum, aka kwana Alhamis aka tashi Asabar. Irin waɗannan canje-canjen suna isa na'urarka ne ta kundin `tzdata`, wanda ake sabuntawa duk sanda wata ƙasa ta sauya doka, don haka sabar da aka shekara ba a sabunta ba tana aiki da tsohuwar doka.

Tunda muna nan, ranar haihuwa ma kada ka kai ta UTC. Kwanan wata ce kawai, ba ta da sa'a. Idan ka ajiye 5 ga Mayu a matsayin tsakar dare a UTC+1, za ta koma 4 ga Mayu ƙarfe sha ɗaya na dare a UTC, ka wayi gari manhajarka tana taya mutane murna tun jajibiri.

Manhajar da ke ba ni lamba shida ta shiga asusu ta daina aiki, kowace lamba sai a ce ba daidai ba. Agogon wayata kuma daidai yake, da hannuna na saita shi.

Da hannunka ɗin nan ne matsalar. Ana fitar da lambar ne daga wani sirri da ke wayarka haɗe da ƙidayar Unix, kuma yawanci tana canzawa duk daƙiƙa 30. Ba abin da ke rubuce a fuskar waya ake dubawa ba, UTC ɗin da wayar take zato ake dubawa.

A ce kana UTC+1 amma shiyyar wayar tana kan UTC+0. Ka ga agogo yana baya da awa ɗaya, maimakon ka gyara shiyya sai ka tura sa'ar gaba ta koma goma. Fuska ta yi kyau. Amma yanzu wayar ta yarda ƙarfe goma ne a UTC, alhali tara ne, don haka tana ba ka lambar da sai nan da awa ɗaya za ta yi aiki, lamba 120 a gaba. Sabar tana yafe kuskuren lamba ɗaya ko makamancin haka, ba 120 ba.

Ka shiga saitin kwanan wata da lokaci, ka kunna lokaci na kai tsaye da shiyya ta kai tsaye, duka biyun. Idan kana cikin masu tura agogo gaba da minti biyar don kada su makara, ka yi wannan a agogon hannu, ka ƙyale wayar.